Ruwan Sama a Watan Disamba: Me Ya Sa Ake Sakaya Sunan Mai Iko?

 Wannan rubutu guntu ne daga aikin binciken da nake haɗawa na kammala difloma a sashen koyon aikin jarida. Ni ɗan Birnin Gwari ne. Da na kai wa malamina batun, sai ya tambaye ni ko ina nufin zan tattaro irin sunayen da 'yan tasha ke kiran 'yan sanda da su ne don a yi dariya. Na ce masa a'a. A wajenmu abin ya wuce wasa, domin na taɓa ganin kalma uku sun zaunar da mutum awa biyar a gindin bishiya, an karɓe masa waya da makullin mota. Da wannan labari zan fara, kuma shi za mu riƙa komawa muna dubawa har ƙarshe.

Abin da ya faru a hanya

A watan Disambar 2022 na biyo motar kawuna daga Kaduna zuwa gida. Direba ne, ya shekara fiye da 20 yana bin wannan hanya. Daga Mando ka wuce Buruku da Udawa kafin ka isa Birnin Gwari, tafiyar kilomita 120 da 'yan kai. A da awa biyu ta isa. A wancan lokacin kuwa ba ka sanin yaushe za ka isa, don sau da yawa sai motoci sun taru an jira rakiyar jami'an tsaro ko 'yan sa-kai.

Kafin mu tashi, Kawu ya kira wani abokin aikinsa da ya taso daga can da sassafe. Ina kujerar gaba, na ji duk abin da ya faɗa. Ya ce, "Ya hanya? An yi ruwa?" Ya saurara. Sai ya ce, "Surukai fa, gida nawa?" Ya ƙara saurarawa, ya ce, "To manya sun fito?" Ya kashe waya, ya ce wa fasinja bismilla.

Da muka yi nisa na matsa kusa da shi na ce, "Kawu, wane irin ruwa kuma ana wannan hunturu?" Ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Kai dai ɗan boko, yi shiru. Baki shi ke yanka wuya." Sai bayan kwana biyu ya warware mini. "Ruwa" shi ne tare hanya. In an ce an yi ruwa jiya a wuri kaza, to 'yan bindiga sun fito a nan. In an ce ƙasa ta bushe, hanya lafiya. "Surukai" su ne jami'an da ke kan shinge, "gida nawa" kuma shinge nawa ke nan. "Manya" su ne sojojin rakiya. Shi da abokansa direbobi su biyar ko shida ne suka ƙulla wannan yare a tsakaninsu tun da damina.

A wani shinge a tsakiyar hanya, muna kan layi gilashi a sauke, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani direba ne da ke bayanmu. Kawu ya ce masa, "Eh, an yi ruwa jiya, amma yau ta bushe. Muna gidan surukai na uku." Ashe jami'in da ke tsaye kusa da ƙofa yana jin Hausa sarai. Ya leƙo ya ce, "Malam, a ina aka yi ruwa a watan Disamba?" Kawu ya ce, "Yallaɓai, ranka ya daɗe, maganar direbobi ce kawai." Aka ce ya faka a gefe. Aka karɓi wayar, aka bi lambobin da ya kira ɗaya bayan ɗaya. Zargin da ake masa shi ne yana ƙirga shingaye yana sanar da mutanen daji. Sai da shugaban direbobin tasharsu da mai unguwarmu suka yi magana ta waya suka tsaya masa, sannan aka sake mu dab da magariba. Fasinja goma, har da mai jego, muka kwana a wani ƙauye don ba mai shiga sauran hanyar da dare.

Na faɗi waɗannan kalmomi a nan ne saboda sun mutu. Tun ranar Kawu da abokansa suka watsar da su. Waɗanda suke da rai ba zan rubuta ba, kuma zan faɗi dalili a ƙarshe.

Suna uku ne, ba ɗaya ba

Kuskuren da na fara yi a bincikena shi ne na zuba duk sunayen a kwando ɗaya. Daga baya na gane iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne laƙabin fili. Wannan kowa ya san shi, har mai sunan. "Ɗan sanda" ma kansa irin wannan ne: mutum aka duba da abin da ke hannunsa, aka kira shi da shi. Yarbawa ma haka suka yi, "olopa" na nufin mai sanda. "Ɗan doka" shi ne ɗan sandan En'e, wanda ya yi aiki tare da dogarai a ƙarƙashin sarakuna, har zuwa lokacin da aka narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966. Haka "farin kaya" ga jami'an tsaron ciki, "duba-gari" ga jami'in tsafta, da "kato da gora" da aka laƙaba wa matasan Maiduguri da suka tashi taimaka wa sojoji a 2013. A Ingila ma har yau ana kiran ɗan sanda "bobi", daga sunan Robert Peel wanda ya kafa 'yan sandan Landan a 1829. Duk waɗannan ba sa ɓoye komai.

Na biyu shi ne sunan kauce wa suna. Wannan tsohon abu ne a wajen Bahaushe. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, matar da ba ta faɗin sunan miji sai ta ce "maigidan" ko "shi". Da dare ba a cewa maciji, sai a ce "igiyar ƙasa". Aljanu kuma "mutanen ɓoye". Kowa ya san abin da ake nufi, ba a ɓoye ma'ana ba, sunan kawai aka ƙi kamawa, ko don kunya ko don tsoro. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Idan ka ji tsohuwa a ƙauyukanmu ta ce "mutanen daji sun zo", ko ma ta ce "mutanen nan" kurum, to wannan layin ta bi. Ba ta ce ɓarayi ba, ba ta ce 'yan ta'adda ba. Ko ɗayansu na tsaye a wurin, ba ta zage shi ba.

Na uku shi ne saye na gaske, irin na Kawu. Wannan mutane ƙalilan ne suka ƙulla shi, kuma amfaninsa yana ƙarewa ranar da na waje ya gane.

Ga yadda za ka bambance su da tambaya biyu. Ta farko: idan mai sunan ya ji, zai gane shi ake nufi? Idan ba zai gane ba, saye ne. Idan zai gane, sai ka yi ta biyu: akwai wani suna da ya fi wannan kaifi wanda mai maganar ya sani amma ya tsallake? Idan akwai, kaucewa ce. Idan babu, laƙabi ne kawai. Gwada da sunan da kuke kiran mai sa ido a ɗakin jarrabawa, ko malamin nan da ba ya barin kowa ya shiga aji bayan shi. Za ka ga yawancin namu na makaranta laƙabi ne, sai tarin ƙarya da ake yi in ya doso, wannan shi ne saye.

Wa ake kira hukuma a bakin daji?

Kafin mu zo kan dalilai, sai mun gane wurin. Dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,100 da ɗoriya, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Tun daga ranar da aka shata masa iyaka, abubuwan da mutane suka gada, kamar farauta, ɗiban zuma, saran itace da kiwo, suka koma abin da ake kama mutum a kai in ya yi a ciki. Saboda haka hukumar farko da ɗan gefen daji ya koyi yi wa raɗa ita ce malamin daji. Kakana yana ba mu labarin cewa in suna saran itace suka hango shi, mai tsaron hanya ba ya kiran suna, waƙar noma kawai zai ɗaga.

Daga baya dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, sannan masu garkuwa da mutane. A watan Mayun 2018 aka kai harin Gwaska inda aka kashe mutane da dama. 'Yan Ansaru suka samu wurin zama a gabashin ƙaramar hukumar, wajen su Damari. A ƙauyuka da yawa manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya kuɗi, kuma kalmar da ake amfani da ita ga wannan kuɗin ita ce haraji. Ku lura da wannan kalma. Duk wanda ke karɓar haraji, yana yanke hukunci, yana hana ka hanya ko ya ba ka, to a idon talaka ya zama hukuma, ko da doka ba ta san da shi ba.

Wannan shi ne babban abin da na koya. Ba kaki ake yi wa saye ba, iko ake yi wa. A yaren Kawu akwai kalma ga jami'in shinge, akwai ga soja, akwai ga ɗan bindiga. Mutumin ƙauye a lokacin yana tsakanin masu bindiga iri uku ko huɗu: jami'an gwamnati, 'yan sa-kai, ɓarayin daji, wani wurin har da masu wa'azi da makami. Gaba kura, baya siyaki. Kowannensu yana son sanin da wa kake, kuma sunan da ka kira ɗayan da shi ne yake nuna ɓangarenka.

Dalili na farko: kunne na uku

Ana ƙirƙirar saye ne idan mutum biyu suna bukatar magana, kuma akwai na uku da ba za su iya kora ba. A motar Kawu akwai fasinja goma, bai san bakwai daga cikinsu ba. Kalmar da ta fi kowace tsoratar da mutane a yankinmu a waɗannan shekaru ita ce "infoma", wato mai kai wa mutanen daji rahoto. Zai iya zama mai sayar da burodi, ko ɗan acaɓa, ko maƙwabcinka. Idan direba ya ce a fili, "Sojoji za su taso da rakiya ƙarfe goma", kuma akwai infoma a kujerar baya, ya ba da lokacin da hanya take babu kowa. Idan ya ce, "'Yan bindiga sun tare wuri kaza jiya", ana iya kai labari cewa direba wane ne ke tona musu wurin tsayawa.

Gwamnati ma ta san da wannan kunne. Shi ya sa a ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, na kusan wata biyu, don a raba 'yan bindiga da masu ba su labari. To abin da gwamnati ta yi da katse sabis, shi direba yake yi da sauya kalma. Kuma bukatar labarin ba ta jira, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Dalili na biyu: gane na gida

Saye yana aiki kamar katin shaida. Idan baƙuwar lamba ta kira Kawu aka ce, "Ni ne wane, wayata ce ta mutu, ya hanya?", ba zai amsa kai tsaye ba. Zai ce, "Ku can an yi ruwa?" Wanda ya amsa da cewa ai rani ake yi, to ba na ciki ba ne, sai a yi masa gaisuwa a kashe.

Wani masanin harshe ɗan Ingila, Michael Halliday, ya yi rubutu a 1976 kan irin wannan yare, wanda za mu iya kira kishiyar harshe. Ya duba yaren 'yan yawon banza na Ingila a zamanin da, da na 'yan fursuna a Poland, da na ɓata-garin Kalkata a Indiya. Ya lura da abu biyu. Ɗaya, ba nahawu ake canzawa ba, kalmomi ne kawai, kuma kalmomin abin da ya dami masu yaren. Biyu, abin da aka fi tsoro shi ya fi yawan suna: a yaren na Kalkata an ƙirga wa ɗan sanda suna wajen 40. Abin da zan ƙara daga namu shi ne, ba sai kana mai laifi kake bukatar irin wannan yare ba. Kawu ba ya gudun doka, takardun motarsa cikakku ne. Rai yake karewa, nasa da na fasinja.

Dalili na uku: faɗin abin da ba ya faɗuwa

Me ya sa "surukai"? Me ya sa ba "duwatsu" ko "awaki" ba? Da na tambayi Kawu sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wa kake tsayawa ka gaishe shi ko kana sauri, ka cire hula, ka yi ƙasa da murya, kuma ba ka wucewa hannu rabbana?" Kun ga a cikin kalma ɗaya an zuba girmamawa, an zuba dole, an zuba ƙorafin na goro. Habaici ne cikakke, kuma ko an kai shi gaban alƙali ba zagi a ciki.

James Scott, masanin siyasa ɗan Amurka da ya zauna da manoma a wani ƙauyen Malesiya, ya yi bayani a littafinsa na 1990 cewa marasa ƙarfi suna da magana iri biyu: wadda suke yi a gaban mai iko, da wadda suke yi in ya ba da baya. "Yallaɓai, ranka ya daɗe" ita ce ta gaba, "surukai" ta baya. Mabiya Rasta a Jamaika da ke kiran 'yan sanda da gwamnati "Babilon" su ma hukunci suke yankewa da sunan, suna cewa wannan mulkin irin na waɗanda suka bautar da mutane ne. Mu ma a nan "kil-an-go" da ake kiran 'yan sandan kwantar da tarzoma da shi ai ba yabo ba ne.

Amma ku lura "manya" ba ta da wannan cizon. Direbobin sun ba sojojin rakiya suna mai daraja don su ne suke jira kafin su shiga hanya. Wato sunan yana ɗauke da labarin yadda aka ji da mai sunan. Jami'in da yake son sanin matsayinsa a gari, ya bar tambayar me ake ce masa a gabansa.

Inda sayen Kawu ya karye

Yanzu mu koma kan shingen. Akwai hanya biyu ta gina saye. Ko dai ka lalata kalmar, ko ka bar ta lafiya ka sauya mata ma'ana. Ta farko ita ce irin zaurancen da muka yi muna yara, inda ake juya gaɓoɓi, "soja" ya koma "jaso". Matasan unguwannin bayan Paris haka suka yi da "filik", wato ɗan sanda, suka juya ta ta zama "kef". Aibin wannan hanya shi ne, duk wanda ya ji ya san ana ɓoye wani abu ko da bai gane mene ne ba. A makaranta ba komai. A gaban mai bindiga kuwa, a san kana ɓoyewa ma laifi ne.

Shi ya sa direbobin suka ɗauki ta biyu. Saye mai kyau shi ne wanda ba ya kama da saye. A watan Agusta, direba ya tambayi ɗan uwansa ko an yi ruwa a gaba, wa zai ɗaga kai? Hanyar duk ramuka ce, tambaya ce ta kullum. Amma sun manta cewa kalmar tana da lokaci. Damina ta wuce, suka ci gaba da amfani da ita saboda baki ya saba. Zuwa Disamba, ma'anar fili ta zama ƙarya da kowa zai gani, sai ta ɓoye ta fito tsirara. Kuskure na biyu shi ne lamba. Ba wanda yake da gidan surukai na uku a kan titi, kuma motarmu tana tsaye ne daidai a shinge na uku. Jami'in bai bukaci wani horo ba, ƙirge kawai ya yi.

Daga nan za a iya fitar da alamomi uku da ake gane saye da su: maganar ba ta dace da lokaci ko wuri ba, akwai lamba ko awa da aka liƙa wa abin da ba a saba ƙirgawa ba, sannan amsar da aka bayar ta fi tambayar nauyi, kamar a ce an yi ruwa sai ka ga direba ya juya mota. Kuma kowane saye yana da ajali. Ko dai a gane shi ya mutu, kamar na Kawu, ko ya yaɗu har kowa ya sani ya koma laƙabi. "Kef" ta yaɗu har 'yan sandan Faransa sun san ta, sai matasan suka sake juya ta.

Wuƙa mai baki biyu

Na daɗe ina jin haushin abin da aka yi mana ranar. Amma da na zauna na rubuta maganar Kawu a takarda, na karanta ta kamar ban san shi ba, sai jikina ya yi sanyi. Yawan shingaye, inda aka tare jiya, lokacin fitowar rakiya: wallahi abin da infoma zai aika ke nan, kuma shi ma da irin wannan yaren zai aika. Daga kalmomin kaɗai ba za ka bambance mai kare fasinja da mai sayar da su ba. Bambancin yana ga wanda ke ɗaya ƙarshen wayar, da kuma wanda ya amfana. Shi ya sa abin da ya kuɓutar da Kawu ba bayaninsa ba ne, shaidar mutanen da suka san shi ne da lambobin da aka tarar duk na direbobin tasha ɗaya ne.

Kuma doka ba ta ɗauki abin da wasa ba. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin da ta kira 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda a matsayin na ta'addanci, aka fitar da sanarwar a hukumance a Janairun 2022. Kun ga sunayen da talaka ya raɗa su ne suka shiga takardar kotu. Tun daga nan, wanda aka samu yana ba su labari ba ƙaramin laifi ake tuhumarsa da shi ba.

Ga kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Idan mutane suka koma yi wa jami'in tsaro saye kamar yadda suke yi wa ɗan bindiga, labarin da zai ceci rai yana zagaye shi ya wuce. Direbobi shida sun san inda aka tare jiya, wanda aka ajiye don ya hana tarewar bai ji daga bakinsu ba.

Ga mai son yin irin wannan bincike

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya. Da na je hutu na saurari bakin mutane. A rediyo ana cewa "tubabbun 'yan bindiga". A kasuwa kuwa na ji dattawa har lokacin suna cewa "mutanen nan", suna rage murya. Ni a wajena wannan ma'auni ne. Ranar da tsohuwa za ta kira kowa da sunansa a tsakiyar kasuwa ba tare da ta waiga ba, ranar ce tsoro ya fita.

In za ka tattara irin waɗannan kalmomi a garinku, ga abin da na koya da wahala. Kada ka fito da waya ka ce za ka naɗi murya, nan take za a ɗauke ka infoma ko ɗan leƙen asiri. Fara da danginka, kuma ka tambayi kalmomin da aka daina, don su mutane ke sakin jiki su faɗa. Kowace kalma ka rubuta mata abu huɗu: wa ke faɗinta, wa ake faɗa wa, wa ake gudun ya ji, da kuma abin da zai faru in ya ji. Kalma ba tare da waɗannan ba ba ta da amfani a bincike. Kada ka sa sunan wanda ya gaya maka, ko ƙauyensu in ƙarami ne. Sannan kalmar da har yanzu wani yake kare kansa da ita a hanya, ka bar ta a cikinka. Makin da za ta ƙara maka bai kai ran direba ɗaya ba.

Da na karanta wa Kawu wannan rubutu kafin in miƙa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗan boko, ka rubuta ruwa, ka rubuta surukai. Na yanzu fa?" Na ce, "Kawu, ai ba ka gaya mini ba." Ya ce, "Madalla. Ashe karatun yana shiga."